Na samu aikin da nake nema, amma ranar farawa da alawus sun tsaya mini a rai

Assalamu alaikum, Anti. An yi mini tayin aiki a wani kamfani da ke wani gari daban da inda nake zaune. Takardar ta iso ta imel ranar 4 ga Agusta, sun ce in ba da amsa kafin 11 ga wata, in kuma fara aiki ranar 1 ga Satumba. Matsalar ita ce yarjejeniyata da wurin da nake aiki yanzu ta ce sai na ba da sanarwar wata ɗaya kafin in tafi. Sannan a wajen intabiyu manajan ya ce akwai alawus na gida, amma a takardar alawus na sufuri kaɗai na gani, kuma babu maganar kuɗin ƙaura. Albashin ya fi nawa na yanzu da kashi 25 cikin ɗari. Mahaifina ya ce in karɓa kawai kada in yi wa kaina asara. Ina son aikin ƙwarai, amma ina tsoron su ɗauke ni mai kwaɗayi su janye. Yaya zan rubuta amsar?

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina taya ki murna, Allah ya sanya alheri a ciki. Kafin ki taɓa kwamfuta ina so ki lura da abu guda, domin duk sauran shawarar a kansa za ta tsaya: kalmar "na amince" ita ce ta ƙarshe da za ki rubuta a wannan ciniki, ba ta farko ba. Mutane da yawa kan buɗe imel ɗinsu da amincewa tsantsa saboda farin ciki da ladabi, sannan a sakin layi na biyu su fara roƙon a sauya musu rana ko a ƙara musu alawus. Wanda ya karanta irin wannan saƙo yana da cikakken 'yancin ya riƙe layin farko ya bar sauran, tun da an riga an ba shi abin da yake nema. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka aika.

Akwai kuma kuskure na biyu da ke ɗaya ɓangaren, wato amincewa mai sharaɗi, irin a ce "na amince muddin za a ƙara mini kaza". A dokar yarjejeniya ta ƙasashe da dama, wannan ba amincewa ba ce, sabon tayi ne daga gare ki, kuma yana iya kashe tayin farko. Akwai wata tsohuwar shari'a da aka yi a Ingila a shekarar 1840 wadda ɗaliban shari'a ke karantawa har yau. Wani ya sa gonarsa a kasuwa a kan fam 1,000, mai saye ya taya fam 950, mai gona ya ƙi. Da mai sayen ya dawo ya ce to ya yarda da fam 1,000 ɗin, kotu ta ce babu ciniki, domin tayinsa na 950 ya riga ya rushe na farko. Amma dokar ta bambanta sabon tayi da tambaya. Wanda ya ce "ko zai yiwu a duba kaza?" bai ƙi komai ba, tayin na nan a tsaye har wa'adinsa ya cika, muddin mai shi bai janye shi ba. Ba ina nufin kamfanin zai kai ki kotu ba ne, da wuya abin ya kai can. Ina nufin ki san cewa hanya ta uku ce taki: ki nuna kina son aikin sarai, ki faɗi cewa niyyarki ki karɓa, sannan ki kawo buƙatunki a siffar tambaya, ki ajiye amincewa ta ƙarshe sai an turo miki takardar da aka gyara.

Game da maganar Baba, kada ki ɗauke ta da wasa, domin yana da gaskiya a wuri guda. Aiki ba ya samuwa da sauƙi, kuma akan janye tayi daga hannun mutumin da ya cika buƙatu, ko ya yi ta jan lokaci, ko ya dawo da sabuwar buƙata bayan an biya masa ta farko. Abin da nake so ki nuna masa cikin ladabi shi ne cewa karɓa a makance ma tana da tata asarar. Idan kika sa hannu a kan ranar da ba za ki iya cikawa ba, to ko dai ki saɓa wa tsohon wurin aikinki, ko ki fara sabon da ba da haƙuri. Ki karanta masa imel ɗin kafin ki aika. Ina kyautata zaton idan ya ji cewa babu kalmar ƙi ko ta gindaya sharaɗi a ciki, hankalinsa zai kwanta.

Su kuma masu kamfanin, ki tuna halin da suke ciki. Sun tallata gurbi, sun tace takardu, sun zauna intabiyu da mutane, sun zaɓe ki. Komawa farko ko neman wanda ya zo na biyu ɗawainiya ce da ba sa so, kuma jami'in kula da ma'aikata ya saba ganin tambayoyi a kan rana da alawus, ba baƙon abu ba ne a teburinsa. Sai dai yawanci ba shi ne mai yanke hukunci ba. Zai ɗauki saƙonki ya tura wa manaja ko sashen kuɗi, don haka ki rubuta abin da za a iya turawa yadda yake, a karanta cikin minti ɗaya a ce e ko a'a.

Mu fara da rana, domin ita ce mafi sauƙin samu, kuma hujjarki a kanta ba ta da musu. Ko da a ce kin miƙa takardar barin aiki washegarin ranar da tayin ya iso, wata ɗaya zai kai ki farkon makon Satumba, ya wuce ranar da suka sa. To amma ba ma daga nan ake fara ƙirga ba. Ana fara ƙirga ne daga ranar da za ki riƙe takardar da aka gyara a hannunki, domin kada ki kuskura ki ajiye aikin da kike da shi a kan alkawarin baki ko na waya. Mu ce kin aika imel ɗin gobe, sun ɗauki 'yan kwanaki suna shawara, takardar ta dawo kin sa hannu kin miƙa sanarwar barin aiki ranar 15 ga Agusta. Wata ɗaya zai cika wajen 15 ga Satumba. Ki ƙara mako guda na kwashe kaya da kama gida, sai ki sauka a kan 22 ga Satumba. Wannan ranar za ki nema, da lambarta da watanta. Kada ki rubuta "wajen ƙarshen wata" ko "da zarar na kammala", domin irin wannan lafazi yana sa manaja ya kasa tsara aikinsa, kuma yana sa ya fara shakkar ko da gaske za ki zo.

Ki sake buɗe tsohuwar yarjejeniyarki ki duba abu biyu. Na farko, yadda ake ƙirga sanarwar, domin a wasu wurare wata ɗaya yana farawa ne daga ranar da aka miƙa takarda, a wasu kuma dole ya ƙare da ƙarshen watan kalanda, wanda zai iya tura ki har 30 ga Satumba. Na biyu, ko kina da sauran kwanakin hutu da ba ki ci ba, kuma ko an yarda a cire su daga cikin sanarwar. Idan kina da kwana biyar na aiki kuma shugabanki ya amince, kin samu makon ƙaurarki a cikin sanarwar, kina iya farawa ranar 15 ga Satumba. Wasu yarjejeniyoyin kuma suna ba da damar a biya albashin wata ɗaya a madadin sanarwa. Wannan hanya ce, amma daga aljihunki za ta fita sai dai idan sabon kamfanin ya ce zai ɗauka, kuma ba zan ba ki shawarar ki fara kawo ta ba. Ki ajiye ta, idan suka nace lallai sai 1 ga Satumba, sai ki ce ga abin da hakan zai ci, ko za su ɗauki nauyinsa.

Tsohon shugabanki ma yana da hakki a wannan magana. Shi ne mai yiwuwa sabon kamfanin zai tuntuɓa don jin shaida a kanki, kuma fita da sallama tare da miƙa aiki a tsare ya fi miki amfani fiye da makonni uku da za ki ci riba. Manaja mai hankali a sabon wurin ma zai ji daɗin ganin kina girmama sanarwa, tun da wata rana shi za ki yi wa haka.

Yanzu alawus, wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan. Abubuwa biyu ne a gabanki kuma ba iri ɗaya ba ne, don haka kada ki haɗa su a jimla guda. Alawus na gida magana ce da aka riga aka furta, abin da kike nema a kanta bayani ne. Kuɗin ƙaura kuwa sabuwar buƙata ce daga gare ki.

A kan na gida, kada ki fara da zaton an yaudare ki. Kamfanoni da yawa suna dunƙule albashi su rubuta jimla ɗaya, alhali a cikinta akwai ainihin albashi da kason gida da sauransu, sai a takardar biyan albashi ta wata ake ganin rabe-raben. Yana yiwuwa manajan ya faɗi gaskiya, alawus ɗin na nan, amma a cikin wannan adadin da kika gani, ba ƙari a kansa ba. Yana kuma yiwuwa mantuwa ce wajen buga takardar, ko kuma alawus ɗin na wani mataki ne da ya fi naki. Tambaya guda ce za ta raba miki waɗannan: ki nemi a turo miki rabe-raben albashin, layi-layi. A nan ne kuma za ki ga ko adadin kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, domin takardun tayi galibi suna nuna adadin kafin cirewa, kuma mutane kan kwatanta shi da abin da ke shiga asusunsu yanzu su ga ƙari mai yawa wanda babu shi.

Ki zauna da biro da takarda ki gwada wannan lissafi da ainihin lambobinki. Mu ɗauka abin da ke shiga hannunki yanzu 100 ne, haya na cin 20, zirga-zirga na cin 10, saura 70. A sabon wurin za ki karɓi 125. Idan haya a can za ta ci 40, zirga-zirga 15, saura 70 ɗin nan dai. Kin ga ƙarin kashi 25 ya narke, kin canza gari ba tare da kin ƙaru da komai a aljihu ba. Wannan ba yana nufin ki ƙi aikin ba, domin ana karɓar aiki saboda gaba, amma lissafin ne zai gaya miki ko maganar gida ta kai ki tsaya a kanta ko kuwa abin da za ki iya bari ne. Ki yanke wa kanki wannan hukunci kafin ki aika saƙon, ba bayan amsa ta zo ba.

Kuɗin ƙaura ya fi sauƙin samu fiye da ƙarin alawus na wata-wata, kuma dalilin a fili yake. Alawus na wata-wata yana ɗaure da matakin albashi, idan aka ƙara miki sai an duba duk wanda ke matakinki, kuma nauyi ne da zai ci gaba muddin kina wurin. Kuɗin ƙaura sau ɗaya ake biya a wuce wurin. Ki nemo ainihin farashin motar kwasar kaya da na masauki na makonni biyun farko, ki sa adadin a cikin imel ɗin, ki kuma ce kin yarda a biya ki bayan kin kawo rasit, domin sashen kuɗi ya fi sakin jiki da abin da ke da rasit. Ki sani cewa wasu kamfanoni suna sa sharaɗin mayar da kuɗin idan ma'aikaci ya tafi kafin wani lokaci, kamar shekara guda, don haka ki karanta wannan layin idan ya bayyana.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa. Ki amsa a kan imel ɗin da suka turo domin zaren maganar ya zauna wuri ɗaya, ki kuma rubuta da harshen da suka rubuto miki:

"Barka da aiki. Na gode ƙwarai da takardar tayin aiki mai kwanan wata 4 ga Agusta. Na yi farin ciki da ita, kuma niyyata ita ce in karɓi wannan aiki. Kafin in sa hannu ina neman a duba mini abubuwa uku. Na farko, yarjejeniyata ta yanzu ta wajabta mini sanarwar wata ɗaya, kuma zan ƙaura daga wani gari, don haka ina roƙon ko zai yiwu a mayar da ranar farawa 22 ga Satumba. Idan akwai takardun da zan cike ko abin da zan karanta kafin lokacin, a shirye nake. Na biyu, a tattaunawarmu an ambaci alawus na gida, ban kuwa gan shi a takardar ba. Zan so a turo mini rabe-raben albashin domin in fahimci ko yana cikin jimlar ko daban yake. Na uku, ko kamfani yana taimakawa da kuɗin ƙaura? Na ƙiyasta kwasar kaya da masaukin makonni biyu za su ci kaza, kuma zan iya gabatar da rasit. Ina sane da wa'adin 11 ga Agusta, da zarar an daidaita waɗannan zan sa hannu in dawo da takardar a ranar. Idan ya fi sauƙi mu yi magana ta waya, ina samuwa gobe da jibi. Na gode."

Ki lura da abin da babu a cikinsa. Babu labarin wahalar rayuwa ko nauyin iyali, domin dalilin da ya shafi aiki shi ake iya kai wa shugaba a kare shi. Babu ban haƙuri sau uku, babu "idan ba zai yiwu ba ba komai", wadda jimla ce da ke amsa wa mutum tambayarsa da a'a tun kafin a karanta. Ba a ce "manaja ya yi mini alkawari" ba, an ce "an ambaci", domin ba a son a sa mutumin da za ki yi aiki a ƙarƙashinsa cikin kunya a gaban abokan aikinsa. Sannan duk buƙatun sun zo a saƙo ɗaya. Wannan yana da muhimmanci, domin abin da ke ƙona ran masu ɗaukar aiki shi ne a warware magana ɗaya sai ga wata ta ɓullo. Kuma idan ba ki da wani tayin daga wani wuri, kada ki ƙirƙiro shi don matsa musu, ana iya ce miki Allah ya ba da sa'a a rufe fayil.

Ki aika da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki jira ranar ƙarshe. Idan kwana biyu na aiki suka wuce shiru, ki bi da gajeren saƙo ko kira. Idan kuwa 11 ga wata ta matso ba su amsa ba, ki nemi su tabbatar miki a rubuce cewa tayin na nan har a gama duba tambayoyinki. In hakan bai samu ba, to a ranar sai ki zaɓa, ki karɓa yadda yake ko ki bari, amma kada ki bar wa'adin ya wuce a kan zaton cewa tambayarki ta tsayar da agogo. Duk abin da aka daidaita ta waya, ki rubuta shi a imel cikin sa'a guda, ki ce "kamar yadda muka tattauna ɗazu", ki jero shi, ki nemi a sa shi a takardar.

Amsar da nake ganin ta fi yiwuwa ita ce su yarda da rana, ko su ce 15 ga Satumba a tsakiya, su kuma ce alawus na gida yana cikin jimla kuma mataki ba ya taɓuwa. Idan haka ta faru kina da sauran abin nema guda ɗaya wanda ba ya cin kuɗinsu yau: a rubuta cewa za a sake duba albashinki idan kin kammala lokacin gwaji, wanda yawanci wata uku ne ko shida. Ki nema sau ɗaya. In sun ƙi, ki koma kan lissafinki da hukuncin da kika riga kika yanke, ba tare da zagaye na uku ba. Alamar da za ta sa in ce ki yi hattara ita ce idan suka ƙi rubuta abin da suka faɗa da baki, ko suka matsa miki ki gudu daga tsohon wurinki ba sanarwa, ko suka fusata don kawai kin yi tambaya cikin ladabi.

Idan takardar da aka gyara ta iso, ki duba ko akwai sharaɗin da ya rage, kamar binciken takardun makaranta, shaidar tsohon wurin aiki ko gwajin lafiya. Tayin da ke rataye da irin waɗannan bai kammala ba tukuna, don haka ki tambayi yaushe za a gama su, in da hali ki jira sakamakon kafin ki miƙa sanarwar barin aiki, idan kuma jiran zai tura ranar farawa gaba ki faɗa musu tun yanzu. Bayan nan sai imel na biyu, gajere: kin amince da tayin kamar yadda yake a takarda mai kwanan wata kaza, a muƙami kaza, za ki fara ranar kaza, ga kwafin da kika sa wa hannu. Ki ajiye kwafin takardar da duk saƙonnin a imel ɗinki na kanki, ba na ofishin da za ki bari ba, domin shi za a rufe shi ranar da kika tafi.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ƙanwata. Ki gaishe mini da Baba.